Ƙullutun da ba ya ciwo

Ranar Asabar ce bayan la'asar, a farfajiyar wata Islamiyya ta matan aure, cikin watan Oktoba da duniya ta keɓe don wayar da kai kan sankarar mama. Wadda aka gayyata ta yi jawabi malamar firamare ce mai 'ya'ya biyar, shekararta 46. Da ta miƙe ba ta tsaya dogon kwarare-kwarare ba. Ta ɗaga ƙwayar gyaɗa guda tsakanin yatsu biyu, ta ce girman abin da ta fara ji ke nan a nononta na hagu wata safiya tana wanka, shekara shida da suka wuce.

Abin da ya yaudare ta, in ji ta, shi ne ba ya ciwo. Mu kuwa a wurinmu ciwo shi ne mai zafi, mai hana barci. Abin da bai hana ka tuƙa tuwo ba, sai ka ce iska ce, za ta wuce. Sankarar mama a farkonta yawanci shiru take yi: ƙullutu ne mai tauri, sau da yawa ba ya zillewa idan an taɓa, kuma ba ya bajewa bayan jinin al'ada ya ɗauke. Wata biyar ta yi tana shafa magani tana shan jiƙe-jiƙe, har wata gwaggonta ta ba da shawarar a kira wanzami ya yi sakiya, wai maruru ne ya ƙi nuna. Allah ya sa ba a yi ba. Kafin ta je asibiti, gyaɗar ta kai ƙwallon goruba, ga ƙaluluwa ta fito a hammata.

Nan ta daɗe, domin nan ne tsoron mata yake. An yi mata hoton mama da ake kira mamogiram, wanda ya fi dacewa da waɗanda suka kai shekara 40. Masu ƙarancin shekaru sikanin aka fi yi musu. Amma hoto ba ya yanke hukunci. Sai da aka kashe wurin, aka sa allura aka ɗebo ɗan tsokan ƙullutun aka kai ɗakin gwaji. Wata dattijuwa daga baya ta katse ta: ai an ce daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya fantsama. Malamar ta amsa a tausashe, tana kiranta Inna, cewa allurar ba ta yaɗa cutar. Abin da ke faruwa, yawancin matanmu ba sa zuwa sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu, wani lokaci ma ta riga ta shiga ƙashi ko huhu ko hanta, sai a ɗora wa allura laifin da jinkiri ya yi. A ganina wannan amsar ta fi duk sauran jawabin amfani.

Nata mataki na biyu ne. Aka cire nonon da ƙaluluwar, ta yi kemo sau shida, duk bayan mako uku. Gashin kanta ya zube, abinci ya fita ranta, daga baya gashin ya dawo. Sannan ta sha wata ƙwaya kullum tsawon shekara biyar, saboda irin tata sankarar sinadarin jikin mace ne ke ciyar da ita. Batun kuɗi bai ɓoyu ba: filinta na gado ya tafi.

Daga nan ta koya musu duba kai. Sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan an yi wankan tsarki, lokacin da nono ya saki. Wadda ta daina al'ada ta tsayar da rana guda a kowane wata. A tsaya gaban madubi a ɗaga hannuwa, a duba ko fata ta lotsa ko ta yi kama da ɓawon lemo, ko kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba. Sai a kwanta, a bi nonon duka da cikin yatsu uku na tsakiya, ba da tsinin farce ba, har zuwa hammata. Jini daga kan nono, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ba abin jira ba ne. Mai shayarwa ma, idan kumburin da ta ɗauka taruwar ruwan nono ne ya ƙi sauka bayan magani, ta koma.

Ta kuma kwantar musu da hankali: akasarin ƙullutun da ake samu a nono ba sankara ba ne, sai dai hannu ba ya iya bambancewa, ko da na likita ne, sai gwaji.

Maza ba su halarci taron ba, ga shi kuwa izinin fita da kuɗin mota galibi a hannunsu suke. Saboda haka, maigida, idan uwargida ta ce ta ji wani abu a ƙirjinta, kada ka tambaye ta ko yana ciwo. Ka kai ta asibiti a cikin makon nan.