Lissafin Mai Gidan Burodi: Yaushe Ake Sake Dabara, Yaushe Ake Rufewa

Yawancin sana'o'in da suke mutuwa a kasuwanninmu sukan daɗe suna jinya mai su bai sani ba, domin shi yana ganin kuɗi na shiga aljihunsa kowace safiya, alhali kuwa abin da yake ɗauka riba ne yana cefane da shi, wani yanki ne na uwar kuɗinsa, ko kuwa hakkin dillalin da ya ba shi kaya bashi. Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi a watan da ya biyo baya, farashin fulawa da sukari da kuɗin dako suka tashi, har masu gidajen burodi da dama suka wayi gari suna aiki dare da rana ba su san ko gaba suke yi ko baya ba. Saboda haka bari mu ɗauki ƙaramin gidan burodi mu buga misali da shi, da alƙaluman da muka ƙaddara don bayani kawai, kowa kuma ya sa nasa a gurbinsu.

Farkon abin da ya wajaba shi ne a raba kuɗin da ake kashewa gida biyu: wanda yake tafiya da yawan aiki, da wanda dole a biya ko an kunna wuta ko ba a kunna ba. A ce buhun fulawa guda yana ba da burodi 100, ana sayar wa 'yan sari kowanne a kan naira 900, amma guda 5 sukan ƙone ko su yi kwantai a dawo da su, to abin da ya shigo hannu a haƙiƙa shi ne kuɗin guda 95, wato naira 85,500. Idan fulawar ta ci 60,000, sukari da yis da mai da gishiri suka ci 12,000, itace da leda da ladan masu kwaɓi suka ci 8,500, jimla 80,500 ke nan, rarar da buhu guda ya bari kuwa naira 5,000 ce kacal. Wannan rara ba a kiranta riba tukuna, domin akwai masu jiranta.

Masu jiran nata su ne kuɗaɗen dole na wata: hayar wuri, wadda ko da a shekara ake biyanta sai a raba ta gida 12 a riƙa warewa, a ce 50,000, albashin yara 150,000, mota da gyaranta 60,000, lantarki da haraji 40,000, sa'an nan ladan mai gidan kansa 100,000. A nan ne galibin mutane suke tuntuɓe, don sukan ce ai mutum ba ya biyan kansa albashi, alhali iyalinsa daga nan suke ci, kuma da wani ya yi wa wannan wahalar da an sallame shi da wani abu. Jimlar duka 400,000 ce. In aka raba ta da rarar buhu, wato 5,000, za a sami 80, ma'ana sai an kwaɓa buhu 80 a wata kafin a tashi ba riba ba faɗuwa. Shi kuwa mutumin namu buhu 2 yake yi kullum, kwana 26 a wata, buhu 52 ke nan, rararsu 260,000, saboda haka kowane wata yana hasarar naira 140,000, ko da kuwa layin masu saye bai taɓa yankewa a ƙofarsa ba.

Daga nan sai a tambayi wa'adi. In yana da 700,000 a ajiye, zai zaci yana da wata 5, amma idan dillalin fulawa yana binsa 280,000, to wannan amana ce wadda bai halatta a yi gwaji da ita ba, sai a cire ta, saura 420,000, wanda ba zai wuce wata 3 ba. A cikin wata ukun nan ne kaɗai yake da ikon zaɓi, bayansu kuwa masu bin bashi ne za su zaɓar masa.

Sake dabara yana da fa'ida ne idan akwai wani adadi da za a iya motsawa a cikin wannan wa'adi. Kai aiki daga buhu 52 zuwa 80 a wata uku abu ne mai wuya, musamman a unguwar da gidajen burodi suka yi yawa. Amma ƙarin naira 50 a kan kowane burodi yana ƙara 4,750 a buhu, rarar ta koma 9,750, buhunan da ake bukata su sauko zuwa 42. Ko da wasu 'yan sari sun yi fushi sun koma wani gida, aiki ya ragu zuwa buhu 45, zai tashi da 438,750, wato ribar 38,750. In kuwa ya ragu zuwa 35, hasarar 58,750 tana nan, sai dai ta yi sauƙi. Abin da ya kamata shi ne ya rubuta sharaɗi tun kafin ya fara, ya ce in wata biyu suka cika ban kai buhu 42 a sabon farashi ba, na tsaya, ya kuma shaida wa wani amini wanda ba ya jin nauyin gaya masa gaskiya, domin zuciya gwanar kawo uzuri ce, yau ta ce damina ce, gobe ta ce a jira azumi.

Akwai kuma halin da ba ya bukatar jira ko na mako guda. Idan fulawa ta ƙara 6,000 a buhu, kasuwa kuma ta ƙi karɓar ƙarin farashi, to rarar 5,000 ta juye ta zama giɓin 1,000, kuma daga ranar duk buhun da aka kwaɓa ƙarin hasara ne, yawan ciniki ma sai ya gaggauta karyewa. A nan hukuncin shi ne a kashe wuta har farashi ya daidaita, ko a rufe baki ɗaya.

Babbar hujjar da takan hana mutum rufewa ita ce, na zuba miliyan 3 a murhu da injin kwaɓi, yaya zan bar su? Amsa ita ce miliyan ukun sun riga sun tafi, ko ya ci gaba ko ya tsaya, kuma abin da ya rage a auna shi ne abin da kayan za su yi in an sayar yau, a ce 1,200,000, wanda zai ragu duk watan da aka ƙara ana aiki da su. Wasu kuma sukan kira nacewa a kan hasara tawakkali, alhali malamai sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, lissafi kuwa yana daga cikin sabubba. In jarin na wani ne da aka karɓa bisa ƙiradi, hukuncin fiƙihu shi ne hasara tana kan mai dukiya muddin mai juyawa bai yi sakaci ko ƙetare sharaɗi ba, don haka ɓoye masa halin da ake ciki ana ci gaba da cinye dukiyarsa shi ne zai mai da uzuri ya zama laifi.

Wanda ya rufe a ƙarshen wata na biyu, ko da a ce hasarar ba ta ragu ba ko kaɗan, zai biya dillali 280,000, ya sallami yaransa, ya tashi da ragowar 140,000 da kuɗin kayan aikinsa kusan 1,200,000, ga kuma mutuncinsa a kasuwa, wanda da shi ne za a sake ba shi kaya gobe. Saboda haka, ya kai mai karatu, in kana da sana'ar da kake shakkar lafiyarta, samo littafi a daren yau ka fitar da adadi uku: rarar kowane kaya, kuɗin dole na wata, da yawan watannin da ajiyarka za ta ɗauka bayan ka cire hakkin mutane.