Shekara huɗu a kan kwantiragin wucin gadi

A Birtaniya, wata doka ta 2002 ta ce wanda ya cika shekara huɗu a jere ana sabunta masa kwantiragi mai wa'adi ya zama ma'aikacin dindindin, sai in mai aiki ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili. Misali, malamar da aka ɗauka a Satumba 2019, ana sabunta mata takarda duk shekara, ta kai wannan matsayi a Satumba 2023. Tana iya neman tabbaci a rubuce, kuma wajibi ne a amsa mata cikin kwana 21.

Masu ɗaukar aiki kan ce kuɗin aikin na ɗan lokaci ne. Wani sa'in gaskiyarsu ce, dokar ma ta bar musu wannan ƙofa. Amma ajin da ake cika shi da yara kowace shekara, da wuya a kira koyarwarsa aikin wucin gadi.