Mutum nawa suka tafi, kuma nawa suka tafi da shi?

Duk sana'ar da ake biyan ta wata-wata, kamar ta intanet ko kwasar shara ko tashoshin talabijin, tana da tambayar da ƙarshen wata ke zuwa da ita: cikin waɗanda muka fara watan da su, nawa suka daina biya? Amsoshi biyu gare ta, domin ana iya ƙirga kawuna, ana kuma iya ƙirga naira. A manhajojin lissafin kasuwanci ana ganin su da sunan customer churn da revenue churn, wato zubewar kwastomomi da zubewar kuɗin shiga.

Mu ƙaddara wani ƙaramin kamfani da ke jona wa mutane intanet a Kano. Ranar ɗaya ga wata yana da kwastomomi 100. Gidaje 90 ne, kowanne yana biyan naira 10,000, jimilla 900,000. Sauran 10 otal-otal ne da makarantu, kowanne yana biyan 110,000, jimilla 1,100,000. Abin da ake sa ran shigowarsa duk wata naira miliyan 2 ke nan, kuma fiye da rabinsa daga hannun kwastomomi 10 kacal yake fitowa.

A wannan watan sai gidaje 9 suka yanke layi. Idan aka raba 9 da 100, zubewar kwastomomi ta kai kashi 9 cikin ɗari, abin da zai tayar wa mai kamfani hankali. Amma kuɗin da suka tafi da shi 90,000 ne, wanda in aka raba shi da miliyan 2 ya zama kashi 4.5 kawai.

Yanzu a sake ɗaukar watan daga farko, a ce duk gidajen suna nan, otal 2 ne suka koma wa wani kamfani. Zubewar kwastomomi kashi 2 ce, rahoton ya yi kyau, manaja har ya yi murmushi. Sai dai otal ɗin nan biyu sun tafi da 220,000, kashi 11 na kuɗin shiga. Watan da ya fi kyau a ƙirgen kawuna ya ninka ɗaya watan asara har da ɗoriya.

Akwai kuma asarar da ƙirgen kawuna ba ya gani sam. A ce wata makaranta ta rage tsarinta daga 110,000 zuwa 60,000. Sunanta yana nan a rajista, ba a rasa kowa ba, amma 50,000 ta zube, kashi 2.5 ke nan. Irin wannan ragin shi ya kamata a fi sa wa ido, domin babban kwastoma yakan fara da rage tsari kafin ya yi sallama.

Zubewar kuɗin ma iri biyu ce. Ta farko tana ƙirga asara tsantsa, wato waɗanda suka tafi da waɗanda suka rage. Ta biyu tana cire ƙarin da tsofaffin kwastomomi suka yi. A watan da gidaje 9 suka tafi da 90,000, in wasu otal-otal suka ƙara girman tsarinsu da 130,000, lissafi na biyu zai sauka ƙasa da sifili, ya ba da -2 cikin ɗari: mutane sun ragu, kuɗi ya ƙaru. A ganina nan ne aka fi yaudarar kai, musamman lokacin tsadar kaya, domin ƙarin farashi kaɗai yana iya rufe ɓarakar alhali mutane suna ta ficewa. Netflix ya sanar da raguwar masu biyansa da kusan miliyan ɗaya a zango na biyu na 2022, amma kuɗin shigarsa ya ɗan haura na zangon farko, bayan ƙarin farashin da ya yi a Amurka da Kanada a farkon shekarar. Wancan adadin ma an riga an haɗa sababbin shiga a cikinsa, don haka waɗanda suka fita sun fi haka yawa.

Shi ya sa ba a saka sababbin kwastomomi a lissafin zubewa, ko a sama ko a ƙasa. Waɗanda aka fara watan da su kaɗai ake bi. Sannan a tsayar da ƙa'ida kan mai jinkirin biya, misali sai ya wuce kwana 30 kafin a ɗauke shi ya tafi, in ba haka ba wanda albashinsa ya makara zai fita a rahoton wannan wata ya dawo a na gaba.

Sai a jera adadin biyu kusa da juna. In na kawuna ya fi girma, ƙananan kwastomomi ke tafiya, a duba farashi da saurin zuwa gyara in layi ya lalace. In na kuɗi ne ya fi girma, manya ke tafiya ko ragewa, kuma a kamfani irin wannan su 10 ne kawai, mai kamfani zai iya zagaya su ɗaya bayan ɗaya ya ji kokensu kafin mako ya ƙare.