Mutum shida, minti talatin, masu duba uku a gefe

A shekarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojan Birtaniya ta lura cewa yadda take zaɓen hafsoshi ta hanyar ganawa ido da ido bai wadatar ba. Sai ta kafa sababbin kwamitocin tantancewa. Wani likitan ƙwaƙwalwa da ke cikin aikin, Wilfred Bion, ya kawo dabarar a tara masu neman muƙamin, a ba su aiki guda, a ƙi naɗa musu shugaba, sannan a koma gefe a zuba ido. Abin da yake son gani shi ne yadda mutum zai yi da buƙatar kansa ta ya fito fili, alhali aikin na kowa da kowa ne. Daga baya kamfanin wayar tarho na Amurka, AT&T, ya ɗauki irin wannan tsari a 1956 ƙarƙashin Douglas Bray, daga nan ya bazu cikin kamfanoni. Yau matashin da ya gama bautar ƙasa, ya nemi aiki a banki ko wani babban kamfani a Legas ko Abuja, yana iya tsintar kansa a irin wannan tebur.

Yawanci mutum huɗu zuwa takwas ne. A ba su takarda su karanta na 'yan mintuna, sannan a ce su tattauna su cim ma matsaya kafin lokaci ya cika. Masu duba suna zaune a gefe, ba sa tanka wa kowa, kuma galibi kowannensu an ba shi mutum biyu ne ya sa wa ido. An horar da su su rubuta abin da suka gani da abin da suka ji tukuna, sai bayan an tashi su jera shi ƙarƙashin halayen da ake nema, irin su sauraro, nazari da iya shawo kan mutane, su ba da maki. A nan ne mai shiru yake faɗuwa. Ba wai an ƙi shi ba ne. Takardar da ke ɗauke da sunansa ce ta tashi fayau, kuma ba a ba da maki a kan tunanin da ya tsaya a cikin ciki.

Wannan ya fi shafar wanda ya tashi a gidan da aka koya masa kunya da kara, inda katse babba rashin tarbiyya ne. Tarbiyyar tana da kyau, kuma rabinta ma riba ce a wannan ɗaki, domin mai ita ya iya sauraro. Sai dai a teburin nan ba wanda zai ce "bismillah, Malama, ke me kika gani?" sai in an yi dace.

A ɗauki misali. Mutum shida, minti talatin. Takarda ta ce wani kamfanin sayar da kayan sanyi yana da naira miliyan 20, ga kuma buƙatu huɗu: gyaran motocin kai kaya miliyan 12, sola ta ɗakin sanyi miliyan 9, horar da ma'aikata miliyan 6, buɗe sabon reshe miliyan 15. In aka raba lokacin daidai, kowa minti biyar yake da shi, kuma ba a dunƙule ba. Sau biyar ko shida ne zai yi magana, kowace ba ta kai minti guda ba. Wanda ya riƙe wannan lissafi a kansa ya riga ya sami ma'auni.

Ana farawa wani saurayi ya karɓe fage. Ya yi minti huɗu yana kare sabon reshe, wata ta buɗe baki ya ce ta bari ya ƙarasa, wani ya kawo batun motoci ya ce ai wannan ba shi ne ba. A zatonsa jagoranci yake nunawa. Mai dubansa kuwa abin da yake rubutawa shi ne: ya katse mutum biyu, ya maimaita hujja ɗaya sau uku, bai yi wa kowa tambaya ba. Alamar da ya kamata ta farkar da shi tana gabansa: mutane sun daina kallonsa, sun koma kallon takardunsu.

Can a ƙarshen tebur akwai wata da ba ta ce komai ba sai a minti na biyar. Ta jira ya ja numfashi, ta ɗan matso gaba, ta kira sunansa, ta ce hujjarsa ta samun sababbin masu saye tana da ƙarfi, amma in aka kashe 15 a reshe saura 5, kuma babu wata buƙata a takardar da 5 za ta biya. Sai ta ba da shawara a fara amincewa da ma'auni: asarar yau za a tsayar, ko kasuwar gobe za a nema? Daƙiƙa talatin ke nan. A ciki ta nuna ta saurara, ta yi lissafi, ta kuma ba taron hanya, ba tare da ta kunyata kowa ba.

Da aka karkata ga motoci da sola, ita ce ta lura 12 da 9 sun zama 21, sun haura da miliyan ɗaya. Zaɓin da ya rage shi ne motoci da horo a kan 18, ko sola da horo a kan 15. A minti na ashirin ta ce saura minti goma, ga abin da aka yarda da shi, ga inda ake saɓani. Sannan ta juya ga wani da ya daɗe bai tanka ba, ta ce ɗazu ya ambaci lalacewar kaya in wuta ta ɗauke, ko zai ƙara bayani? Akwai hikima a yadda ta yi tambayar. Ta ɗaure ta da abin da mutumin ya riga ya faɗa. Da ta ce masa kawai ai bai ce komai ba, da ta tona masa asiri ne a gaban masu duba.

Bayaninsa ya rinjaye ta, ta kuma faɗa a fili cewa ta sauya ra'ayi daga motoci zuwa sola, ga dalili. Da yawa suna tsoron wannan, suna ganin faɗuwa ce. Amma ba ra'ayin wa ya yi nasara ake aunawa ba, kuma sau da yawa matsalar ba ta da amsa guda da aka ɓoye.

Bincike ma yana gefenta. A 2010 Anita Woolley ta Jami'ar Carnegie Mellon da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Science cewa ƙungiyoyin da mutum ɗaya ko biyu suka mamaye magana ba sa kai waɗanda magana ke zagayawa a cikinsu iya warware ayyuka iri-iri.

Akwai tarko ɗaya da masu shiri suka cika faɗawa. Sun ji an ce a riƙe agogo ko a ɗauki rubutu, sai su laɓe a nan. Mai cewa "saura minti goma", "saura biyar" kawai, bai ba mai duba komai game da tunaninsa ba, mai rubutu kuma kansa na sunkuye har a tashi. Wani lokaci kuma ana ba kowa ɓangaren da zai kare, a ce kai ne manajan motoci, ke ce ta ma'aikata. A irin wannan, saurin sallamawa laifi ne. Ana son manajan motoci ya kafa hujjarsa da alƙaluma tukuna, in ya ga 12 ba za ta samu ba, ya tambaya ko miliyan 5 da suka rage bayan sola da horo za su gyara motocin da suka fi lalacewa.