An sayar da tabarma a intanet, ina kuɗin suka tsaya?

Jama'a masu saurarenmu a Madaoua, Bouza da Keita, ga wata magana mai haɗa 'yan'uwa faɗa. Masaƙa sun aika wa ɗan'uwa a Amurka tabarmin kaba ya sayar a kasuwar intanet ta Etsy. Ya bugo waya ya ce an saya, sai a yi wata guda ba a ga ko dala ba. Kafin a ce ya ci amana, a san yadda kasuwar ke biya.

A ce tabarma ta tafi a dala 40, mai saye ya ƙara 10 na aikawa, jimla 50. Dalar Amurka muke nufi fa, ba tamu ta tamma biyar ba. Etsy na karɓar santi 20 na baje kaya. Tana kuma cire kashi 6.5 cikin 100 na jimlar, har da kuɗin aikawa, wato dala 3.25, haka abin yake tun Afrilun 2022. Sai ladan karɓar kuɗi, wanda a Amurka kashi 3 ne da santi 25, wajen dala 1.75. Saura 44.80. An biya gidan waya 10, saura 34.80. In kuwa mai sayen ya shigo ne ta tallar da Etsy ta yi a wasu shafuka, ƙaramin ɗan kasuwa zai sake rasa kashi 15, wato dala 7.50.

Ragowar ma ba nan take ake bayarwa ba. Sabon shago, ko wanda aka kai ƙararsa, ko mai aika kaya ba lambar bin sawu, Etsy kan riƙe wani kaso na cinikinsa, abin da ake gani a allo da sunan "Reserve". Riƙon na iya kai kwana 45. A 2023 akwai waɗanda aka riƙe wa kashi 75, har 'yan kasuwa suka yi ta kuka. Abin da ke gaggauta sakin kuɗin shi ne lambar bin sawu da ta nuna kaya sun kama hanya. A ganinmu wannan lambar ta cancanci kuɗinta, ko da ta ɗan ƙara tsadar aikawa.

Kuɗin da aka saki kan jira ranar turawa, galibi Litinin ga wanda ya zaɓi mako-mako, banki kuma ya ɗauki wasu kwanakin aiki. Sannan ne ɗan'uwa zai turo gida, a cire ladan aike da na canji.

Saboda haka kar ku tambaye shi "nawa aka sayar?" kawai. Ku ce ya ɗauko hoton shafin "Payment account" ya turo ta WhatsApp. A nan za a ga abin da aka cire, abin da aka riƙe, da ranar sakinsa. Sai mai riƙe da littafin ƙungiya ya rubuta ranar a gefen sunan kowace masaƙiya.