TSARNAWA: IN KASUWA TA MUTU, ME ɗAN HAYA ZAI RUBUTA WA MAI KANTI?

Tsarnawa gari ne na mararraba. A nan hanyar Tawa take rabuwa da babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta ratsa Birnin Ƙonni, ta nufi Malbaza da Galmi da Maraɗi. Mai kanti a bakin wannan hanya da mota yake ci: in motoci sun tsaya ya yi ciniki, in sun ɗauke ƙafa ya wuni yana korar ƙuda. An ga haka daga 1984 zuwa 1986, sa'ad da Nijeriya ta rufe iyakarta. An sake gani daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Na baya-bayan nan shi ne takunkumin ƙungiyar Sedeyawo na ƙarshen Yuli 2023, wanda ya tsai da zirga-zirga tsakanin Ƙonni da Illela ta jihar Sakkwato har watan Maris 2024.

Ciniki yana tsayawa, amma kuɗin haya ba ya tsayawa. To, ɗan hayar da wata uku suka taru a kansa, me ya kamata ya yi?

ABIN DA DOKA TA CE

Mai karatu ya fara sanin matsayinsa. Hayar wurin sana'a a Nijar tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta ƙungiyar Ohada, wadda aka sabunta a Lome ran 15 ga Disamba 2010. Dokar ta yarda da haya ko a rubuce take ko da baka aka ƙulla ta. Amma ba ta ce mutuwar kasuwa tana ɗauke wa ɗan haya biya ba. Saboda haka ragi roƙo ne, ba hakki ba ne, kuma wasiƙar da aka rubuta da muryar mai neman hakki ta ɓaci tun daga layin farko.

Sai dai aya ta 133 ta ba ɗan haya numfashi. Kafin mai kanti ya nemi a soke hayar a gaban alƙali, dole ya aika da takardar gargaɗi, ya faɗi abin da aka saɓa, ya kuma jira wata ɗaya cur daga ranar da ta isa hannu. Mai hankali ba ya jiran wannan takarda. Shi yake riga rubutawa.

RAGI DABAM, JINKIRI DABAM

A nan ne mafi yawan rigima take fitowa. Ragi shi ne mai kanti ya yafe wani kashi, ba zai sake tambayarsa ba. Jinkiri kuwa bashi ne yana nan, ranar biya kawai aka ɗaga. Ɗan haya ya ce: «A sassauta mini.» Alhaji ya ce: «Ba komi.» Kowa ya tafi da tasa fahimtar. Bayan wata shida sai ɗaya ya ce an yafe, ɗaya ya ce lamuni ya yi. Aikin wasiƙa shi ne ta raba waɗannan biyu, ta sa wa kowanne adadi da rana.

Ga misali. A ɗauka mai sai da shinkafa da mai da sabulu ne, hayarsa jika 15 a wata, watau 15.000 F. Bai biya Agusta da Satumba da Oktoba na 2023 ba, bashi ya kai jika 45. Ya duba littafinsa, ya ga zai iya fid da jika 15 nan take, ya kuma iya jika 10 kowane wata har albasa ta shigo. Ga abin da zai rubuta:

«Tsarnawa, ran 1 ga Nuwamba 2023.

Zuwa ga Alhaji, mai kantin da nake haya a bakin hanyar Tawa.

Gaisuwa mai yawa da ladabi da fatan alheri gare ka da iyali duka. Bayan haka, Alhaji, na amsa cewa kana bi na hayar wata uku, Agusta da Satumba da Oktoba, jika 45 (45.000 F). Tun da aka rufe iyaka ciniki ya faɗi, kamar yadda ka sani.

Ga jika 15 (15.000 F) tare da wannan takarda. Saura jika 30.

Ina roƙon abu biyu. Na farko ragi ne: daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wata huɗu, ka karɓi jika 10 maimakon 15. Daga Maris haya ta koma yadda take. Na biyu jinkiri ne: jika 30 da suka rage in biya su jika goma-goma, ran 5 ga Maris da 5 ga Afrilu da 5 ga Mayu 2024, tare da hayar watan.

In ragin bai yiwu ba, a ɗora jika 20 ɗin nan a kan bashi, ya zama jika 50, in gama ran 5 ga Yuli.

In ka yarda, Alhaji, ka sa hannu a ƙasa, gaban shaidu biyu. Allah ya ƙara girma. Wasalam.»

ME YA SA AKA TSARA TA HAKA?

Ta fara da amsa bashi, don mai kanti ba ya sauraron roƙon wanda yake kewaye-kewaye. Dalili jimla ɗaya ya isa, Alhaji ma a garin yake. Kuɗin da ya zo tare da takarda shi ne shaidar niyya, ya fi rantsuwa goma.

Watan Maris ba a zaɓe shi da ka ba. Daga nan zuwa Mayu ake cire albasar rani a ƙasar Galmi, buhuna su cika bakin hanya, manoma da ƴan dako da direbobi su sami abin kashewa. Ɗan hayar bai jingina alkawarinsa ga buɗe iyaka ba, don a Nuwamba 2023 ba wanda ya san ranar. Alkawari a kan abin da ake iya lissafawa ake ɗora shi.

Duk da haka ya auna nauyin da ya ɗauka: daga Maris jika 25 zai riƙa fitarwa kowane wata. In ribarsa ta lokacin albasa, bayan cefanen gida, ba ta kai haka ba, gara ya nemi wata shida na jika biyar-biyar. Alkawarin da aka saɓa a biya na farko ya fi rashin wasiƙa muni.

HATTARA DA DALA

A kasuwa da dala muke ƙirga, a takarda kuwa da faran. Dala ɗaya 5 F ce, jika dala 200. Wanda ya ce «dubu uku» a baka, 15.000 F yake nufi. In marubuci ya sa 3.000 F, an shuka rigima. Shi ya sa ake rubuta kowane adadi sau biyu, da jika da kuma lambar sefa, sa'an nan a karanta wa kowa da ƙarfi kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa.

A yi takarda biyu iri ɗaya, kowa ya ajiye tasa. Kowane biya a rubuta shi a bayan takardar, da rana da hannun wanda ya karɓa. In wakili ne yake karɓar haya, a tabbata mai kantin da kansa ya sa hannu, don wakili ba ya yafe dukiyar da ba tasa ba.

In Alhaji ya ƙi, yana da iko: doka ba ta tilasta masa karɓar rabin kuɗi ba. Amma in magana ta kai gidan shari'a na Ƙonni, alƙali yana iya rarraba biyan bashi, muddin bai wuce shekara ɗaya ba, bayan ya duba halin ɗan haya da bukatar mai kanti. A ranar nan, takardar 1 ga Nuwamba da jika 15 da aka rubuta a bayanta su ne za su nuna cewa mutumin bai gudu ba, bai kuma yi shiru ba.