Tallar Man Gashi a Kafafen Sada Zumunta: Takardar Jagora da Rubutun da ke Rakiyar Bidiyo

Yawancin tallar man gashi da ake gani a Instagram da TikTok tana farawa ne daga wata takarda da mai kallo ba ya gani. Mai kaya ne ke rubuta ta, ya aika wa wadda za ta yi tallar, wato mai tarin mabiya da ake sauraron maganarta. A cikinta ake faɗin abin da man yake, su wa ake son su saya, me za a faɗa a kansa, me kuma aka hana a faɗa. Daga wannan takardar jagora ake fitar da bidiyon da kuma ɗan rubutun da ke ƙarƙashinsa. Idan takardar ta yi kyau, mai saye zai san abin da kuɗinsa zai sayo masa. Idan babu ita, mai tallar kan cike giɓin da alƙawuran da man ba zai iya cikawa ba.

A ɗauki misalin wata ƙaramar masana'anta a Kano da ke haɗa man gashi daga man kaɗanya da man kwakwa da man zaitun, tana zuba shi a kwalba mai cin mililita 200. Mai masana'antar ta nemi wata mai koyar da kitso da gyaran gashi a Instagram ta yi mata bidiyo ɗaya gabanin shigowar hunturu. Takardar da za ta aika mata ba ta buƙatar wuce shafi ɗaya ko biyu, amma akwai abubuwan da dole su kasance a ciki.

Abu na farko shi ne bayanin kayan: sunansa, girman kwalbar, farashinsa, abubuwan da aka haɗa shi da su, da lambar rajistar NAFDAC, hukumar da ke yi wa kayan kwalliya rajista a Najeriya kamar yadda take yi wa abinci da magunguna. Jerin kayan haɗin yana da amfani ga mai tallar, domin mabiya za su tambaye ta ko akwai turare a ciki, ko za a iya shafa wa yara, ko ya dace da wadda ta saka rilaksa. Gara ta amsa daga takarda da ta amsa da ka.

Na biyu shi ne waɗanda ake nufi da tallar da kuma abin da ke damunsu. Faɗin "dukkan mata" bai wadatar ba. A wannan misali, matan da ake nufi su ne masu yin kitso a kai a kai, waɗanda gashinsu ke bushewa yana karyewa wajen tsifa da taza, musamman lokacin sanyi da ƙura. Wannan bayani shi zai sa mai tallar ta san abin da za ta nuna: ta tsefe kitso, ta ɗan jiƙa gashin da ruwa, ta shafa man kashi-kashi, sannan ta taje da mataji mai manyan haƙora. Saƙo ɗaya ya isa bidiyo ɗaya, kuma saƙon a nan shi ne man yana laushe gashi, ya sauƙaƙa taza.

Sashe na uku shi ya fi kowanne nauyi, wato iyakar abin da za a iya faɗa. Gashin ɗan Adam yana tsawo da kusan santimita ɗaya a wata, kuma daga tushensa da ke cikin fatar kai yake fitowa. Man kaɗanya da man kwakwa suna aiki ne a kan silin gashin da ya riga ya fito: suna riƙe danshi, suna rage gogayya, gashin ya rage karyewa. Wadda gashinta ya rage karyewa za ta ga ya ƙara tsawo bayan watanni, domin abin da ya fito ya zauna. Haka ma garin chebe da matan Chadi suka yi suna da shi yake aiki, a jikin gashin ake shafa shi don kada ya karye. Saboda haka takardar za ta yarda a ce "yana laushe gashi" ko "yana taimakawa wajen rage karyewa", ta kuma hana a ce "yana fito da gashi cikin mako biyu", ko "yana maganin sanƙo", ko "yana kashe makero".

Dalilin hanin a fili yake. Zubewar gashi tana da sanadi iri-iri, kuma mafi yawansu ba su da alaƙa da bushewa. Gashin goshi da na gefen kunne kan tafi saboda matsattsen kitso da ke jan tushen gashi, kuma mafitarsa ita ce a sassauta kitson tun kafin tushen ya mutu. Mai jego kan ga gashinta yana zuba watanni kaɗan bayan haihuwa, yawanci kuma yakan dawo da kansa. Ƙarancin jini ma kan jawo zubewar gashi. Makero kuwa cuta ce da ke buƙatar maganin sha daga likita. Tallar da ta ce mai ɗaya zai magance duk waɗannan ta mayar da kayan kwalliya magani, kuma tana iya sa uwa ta ɓata watanni tana shafa wa ɗanta mai alhali asibiti ya kamata ta kai shi.

Na huɗu shi ne aikin da za a yi da sharuɗɗansa. A misalin nan, takardar ta ce bidiyo ɗaya ne mai tsawon daƙiƙa 45, da Hausa, a cikin hasken rana, ba tare da tacin kyamara mai ƙara wa gashi sheƙi ba, kuma ba tare da gashin kanti ba. Ta ce za a aika wa mai tallar kwalbar makonni uku kafin ranar sakawa, domin ta gwada da kanta, kuma za ta turo bidiyon da rubutunsa a duba kwana uku kafin ranar. Ta faɗi kuɗin aikin da lokacin biya, misali rabi kafin aiki, rabi bayan an saka. Ta faɗi tsawon lokacin da bidiyon zai zauna a shafin, da ko mai kaya na da izinin ɗaukarsa ta saka a nata shafin, da ko mai tallar za ta iya tallata wani man gashi a cikin watan. A waɗannan wurare ne rigima ta fi tasowa idan da baki kawai aka yi magana.

Na biyar shi ne bayyana wa jama'a cewa talla ce. Mai kallo yana ɗaukar shawarar wadda ta sayi abu da kuɗinta daban da maganar wadda aka biya, don haka yana da haƙƙin sanin wacce yake saurare. Ko kyautar kaya aka ba mai tallar a maimakon kuɗi, wajibi ne ta faɗa. Instagram na da alamar "Paid partnership" da ke fitowa a saman abin da aka saka, TikTok ma na da wurin da ake kunnawa don nuna hakan. A Najeriya, dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON ta ɗora mata kula da tallace-tallace, har da na intanet, kuma hukumar tana buƙatar a kai talla a tantance kafin a fitar da ita. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda FCCPC ke aiwatarwa, ta haramta yaudarar mai saye game da kaya. Ya dace takardar ta faɗi wanda zai nemi amincewar hukuma, kuma mai kaya ce ta fi dacewa da wannan nauyi.

Bayan an ɗauki bidiyon sai rubutun da zai raka shi. Instagram na karɓar haruffa har 2,200, amma layi ɗaya ko biyu na farko kaɗai ake gani kafin a latsa don ganin saura. Shi ya sa kalmar talla take zuwa a farko, ba a ƙarshe cikin tarin alamomi ba. Ga yadda rubutun misalin nan zai iya kasancewa, ba tare da sunan man ba:

"#Talla. Masu wannan man gashi ne suka biya ni na gwada shi. Mako uku ke nan ina shafa shi bayan na tsefe kitso, a kan gashi mai ɗan danshi. Abin da na lura shi ne taza ta yi mini sauƙi, kuma gashin da ke fita a mataji ya ragu. An haɗa shi da man kaɗanya da man kwakwa da man zaitun, kwalbar mililita 200 ce, lambar NAFDAC tana jikinta. 'Yan uwa, ba maganin sanƙo ko makero ba ne, mai wannan matsala ta ga likita. Mai buƙata ta duba shafinsu da na saka a sama. #ad"

Kowace jimla a nan tana da aikinta. Ta farko ta bayyana alaƙar da ke tsakanin mai tallar da mai kaya da Hausa, domin ba kowane mai karatu ne ya san ma'anar #ad ba. Ta biyu da ta uku sun faɗi yadda aka yi amfani da man da abin da aka gani, daidai gwargwadon abin da mako uku zai iya nunawa. Da ta ce gashinta ya kai kafaɗa, da ta yi ƙarya, tunda a mako uku gashi bai fi santimita ɗaya yake ƙarawa ba. Jimlar gargaɗi tana kare mai saye, tana kuma kare mai kaya daga ƙorafi. Ta ƙarshe ta nemi abu ɗaya tak daga mai karatu. Mai kaya tana duba rubutun don tabbatar da gaskiyar bayanai, amma ba ta rubuta shi da kanta, domin mabiya sun san salon maganar wadda suke bi, kuma suna saurin gane rubutun da aka haddace.

Mai karatu ma zai iya gane tallar da ta kauce wa wannan tsari. Alamominta su ne alƙawarin tsawon gashi cikin 'yan kwanaki, jerin cututtuka da aka ce mai ɗaya yana warkarwa, rashin ambaton kayan haɗi da lambar rajista, da hoton "kafin" da "bayan" da aka ɗauka a haske daban-daban, ko wanda a na farko gashin yake a cukurkuɗe, a na biyu kuma an miƙar da shi da na'urar busarwa. Gashi mai murɗe-murɗe yana ninka tsawonsa a ido idan aka miƙar da shi, ko da ba a shafa masa komai ba. Wata alamar ita ce mai talla da ke yabon man gashi daban-daban a wata guda, kowanne tana cewa shi ne sirrin gashinta.

Bayan an saka bidiyon, mai kaya kan nemi hoton alƙaluman shafin bayan mako ɗaya: yawan waɗanda suka kalla, da waɗanda suka adana, da waɗanda suka turo saƙo. Wasu kan ba mai tallar wata kalma ta musamman da masu saye za su ambata don samun rangwame, ta haka ake ƙirga cinikin da ya zo ta hannunta. Ma'aunin da ya fi waɗannan ƙarfi shi ne yawan waɗanda suka dawo sayen kwalba ta biyu, domin mai saye ba ta komawa ga man da bai yi abin da tallar ta ce zai yi ba.